Kowane Kwali da Gurbinsa: Yadda Ake Tsara Babban Sito Idan Kasuwa Ta Buɗe

Dila mai rarraba kayan masarufi yakan fara ne da sito ɗaya da sitokifa ɗaya. Kayan ba su wuce iri hamsin ko sittin ba, kuma sitokifan ya san inda kowanne yake ko da an ɗauke wuta. Idan kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka ƙara ba shi kaya, 'yan kiri suka riƙa bugo waya daga garuruwa, sai a wayi gari kayan sun haura iri dubu. A lokacin ne ake fara jin wasu kalamai a bakin ƙofa: "Wa ya ga inda aka sauke madarar jiya?" ko kuma "A jira shi ya dawo daga masallaci, shi ya san wurin." Mota na tsaye, direba na duba agogo, kaya kuma suna nan cikin ginin amma ba a san inda suke ba.

Abin da ya fara zuwa zuciyar mai kaya shi ne ya kama wani siton ko ya ƙaro 'yan dako. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. John Bartholdi da Steven Hackman, waɗanda suka koyar a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, sun kawo ƙiyasi a littafinsu kan ilimin sito cewa haɗa odar masu saye na cinye kusan kashi 55 cikin 100 na kuɗin gudanar da sito. A cikin lokacin mai haɗa odar kuma, kusan kashi 55 tafiya ce, kashi 15 neman kaya, kashi 20 cike takardu da makamantansu. Kashi 10 kacal ne ke tafiya wajen miƙa hannu a ɗauko kayan.

Ma'ana, yawancin ladan da ake biyan mai haɗa oda a sito kuɗin tafiya ne, kuma tsawon wannan tafiya ba a lokacin ɗibar kaya ake yanke shi ba. An riga an yanke shi tun ranar da tirela ta sauke kayan, wani ya zaɓi inda zai ajiye su. Shi ya sa masu wannan sana'a ke ɗaukar abubuwa uku a matsayin aiki guda: ba kowane gurbi lamba, kafa dokar ajiya, da zaɓen hanyar ɗibar kaya.

Don a ga yadda suke haɗuwa, a ɗauki misalin wani dila a Kano da ya koma sabon sito mai layuka 10 na kantocin ƙarfe, kowane layi mai tsawon mita 30. Yana da kaya iri 1,200, yana fitar da oda 300 a rana, kowace oda na ɗauke da kaya kamar iri 8. Alƙaluman na misali ne, amma lissafin da za a yi da su shi ne wanda kowane mai sito zai iya yi da nasa.

Lambar gurbi

Matakin farko shi ne a raba siton zuwa gurabe, a ba kowane gurbi lambar da babu wani mai irinta. Lambar tana bayyana wuri ne, ba kaya ba. Idan aka rubuta "Sukari" a jikin kanta, ranar da aka mayar da sukarin wani wuri rubutun ya zama ƙarya. Idan kuwa lamba aka rubuta, kayan ne ke zuwa su tafi, lambar na nan daram, littafi ko kwamfuta kuma na riƙe da bayanin abin da ke cikinta yau.

Tsarin da aka fi amfani da shi yana farawa daga babba zuwa ƙarami:

```
B-03-12-2-01
```

Harafin farko shiyya ce, a ce shiyyar kayan abinci. Sai layi na 3, sai ɗaki na 12 a cikin layin, wato tazarar da ke tsakanin ginshiƙan kanta biyu, sai hawa na 2, sai gurbi na 1 a kan hawan. Sabon ma'aikaci da ya fara aiki da safe zai iya karanta wannan ya isa wurin ba tare da ya tambayi kowa ba.

Akwai ƙananan abubuwa a cikin lambar da suke hana babban ciwon kai. Sifilin da ke gaban 3 ba ado ba ne. Kwamfuta takan jera irin wannan rubutu harafi bayan harafi, don haka idan babu sifilin za ta sa layi na 10 da na 11 kafin layi na 2, takardar ɗibar kaya ta fito a hargitse, ma'aikaci ya riƙa kai da komo. Ana kuma ƙirga hawa daga ƙasa zuwa sama, domin ranar da aka ƙara wani hawa a saman kanta ba sai an sake lambobin na ƙasa ba. Ana guje wa haruffan O da I saboda suna rikicewa da 0 da 1. Mai hangen nesa yakan bar gibi a lambobin layuka idan ya san akwai filin da zai cika da kantoci nan gaba.

Ɗakunan da ke cikin layi ana jera su yadda ake jera lambobin gidaje a titi: mara a hagu, cika a dama. Da haka ɗaki na 11 da na 12 suna fuskantar juna, mai ɗibar kaya ya ɗauki na hagu da na dama a wucewa guda. Inda aka jera 1 zuwa 15 a gefe ɗaya, 16 zuwa 30 a ɗaya gefen, takarda za ta kai shi ƙarshen layi ta dawo da shi kan abin da ya riga ya wuce.

Ba kantoci kaɗai ke buƙatar lamba ba. Bakin ƙofar sauke kaya, wurin jiran lodi, kusurwar kayan da aka dawo da su, da inda ake tara waɗanda suka fashe, duk gurabe ne. Yawancin kayan da ake cewa sun ɓata a irin waɗannan wurare marasa suna suke maƙalewa. A kan kowane gurbi ana manna takarda mai manyan haruffa, da bakod idan akwai sikana. Na hawa na sama ana manna tasu a ƙasa daidai ido, da kibiya ko launi mai nuna hawan da ake nufi. Inda babu sikana, wasu kan ƙara wata lamba mai adadi biyu a jikin takardar wadda ba ta fitowa a kan takardar oda. Ma'aikaci sai ya rubuto ta, kuma ba zai san ta ba sai ya tsaya a gaban gurbin.

Gurbin dindindin ko na haɗaka

Da zarar gurabe sun samu lamba, tambaya ta gaba ita ce ko kowane kaya zai mallaki wurinsa har abada, ko kuwa duk gurbin da ya zama fanko za a ba wanda ya iso.

Gurbin dindindin yana da daɗin aiki. Ma'aikata suna haddace shi, kuma ko babu kwamfuta ana iya tafiyar da shi. Illarsa ita ce ɓarnar wuri. A ce an ware wa shinkafa wurin da zai ɗauki falet 8, wato katakon da ake jera kaya a kai. Ranar da mota ta kawo, wurin ya cika. Daga nan yana raguwa kullum har ya ƙare, kuma ba wanda ya isa ya sa wani abu a wurin. Idan aka ɗauki matsakaici, rabin wurin ne kawai ke aiki.

Idan aka raba wannan shinkafa gida biyu, falet 4 a nan 4 a can, aka fara cinye gurbi ɗaya, to da zarar ya ƙare sai a miƙa shi ga wani kayan. Lissafin Bartholdi da Hackman ya nuna cewa, in ana sayar da kayan daidai wa daida, amfani da wuri na tashi daga kashi 50 zuwa kusan 67 idan an raba biyu, zuwa 80 idan an raba huɗu. Ribar tana raguwa da kowane ƙarin rabo, aikin bin diddigi kuma yana ƙaruwa. Kamfanin Amazon ya kai wannan tsari matuƙa, inda ake cusa kaya a duk gurbin da ke da sarari, man goge baki kusa da littafi. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne ba a ajiye komai sai an sikana kayan an sikana gurbin. Wanda ya kwaikwayi watsa kayan bai kwaikwayi rubutawar ba ya jefa kansa cikin rudani.

Ga dilan misalinmu, abin da ya fi dacewa shi ne haɗa biyun. Hawa na ƙasa, inda hannu ke kaiwa, ya zama wurin ɗiba, kowane kaya da gurbinsa na dindindin. Hawa na sama su zama wurin ajiyar rara, na haɗaka, inda motar ɗaga kaya ke ɗora falet a duk gurbin da dokar ajiya ta nuna. Masu aikin sito da yawa suna ɗaukar cewa idan gurabe suka cika fiye da kashi 85 cikin 100, aiki ya fara tsukewa, domin mai ajiya zai riƙa yawo yana neman fanko, daga ƙarshe ya dire kayan a tsakiyar layi.

Dokar ajiya

Dokar ajiya jerin tambayoyi ne da ake amsawa bi da bi kafin falet ya bar bakin ƙofa, kuma amsar ba ta dogara da ra'ayin wanda ke bakin aiki a ranar ba.

Tambayoyin farko na hani ne, wato inda kayan ba za su je ba. Sabulu, garin wanki da turare ba sa zama kusa da fulawa, madara ko ganyen shayi, saboda waɗannan suna ɗaukar wari ko ta cikin kwali. Maganin ƙwari da na feshi suna da shiyyarsu daban. Jarkokin mai da duk abin da zai iya yoyo suna zama a ƙasa, kada su ɗiga kan wani kayan. Kowace kanta tana da iyakar nauyin da maƙerinta ya rubuta, kuma mafi nauyi shi ke zama ƙasa. Yanayin gari ma yana cikin doka. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, hawa na sama da ke dab da rufin kwano ya fi ko'ina zafi, don haka cakulan, bota da magungunan da aka rubuta kada su wuce digiri 30 ba su da wuri a can. Da damina kuma ba a dire buhu a kan siminti sai da falet a ƙarƙashinsa.

Akwai wani hanin da ba a cika tunawa da shi ba: kaya biyu masu kama da juna ba sa maƙwabtaka. Idan madara mai babban gwangwani da mai matsakaici suna da kwali launi ɗaya, kuma suna jere, mai sauri zai ɗauki wannan a madadin wancan. Raba su da wani kayan da bai yi kama da su ba yana rage kuskuren ba tare da an kashe ko sisi ba.

Bayan hani sai fifiko: wane kaya ne ya cancanci gurbi mafi kusa da ƙofar lodi? Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba kuɗin da kaya ke kawowa. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne sau nawa ake zuwa gurbinsa. Kayan da ake sayar da tirela guda nasa ga mutum ɗaya a wata ziyara ɗaya yake buƙata. Wanda 'yan kiri 100 ke sayen kwali ɗai-ɗai nasa kullum yana buƙatar ziyara 100. Idan dilanmu ya zauna da takardun odar wata uku ya jera kayansa bisa yawan ziyara, zai ga abin da aka saba gani, cewa kaya kaɗan ne ke jan yawancin tafiyar. A ce iri 200 daga cikin 1,200 ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ziyarar. Waɗannan su ne rukunin A, su ke samun layukan kusa da ƙofa da kuma tsayin da ke tsakanin ƙugu da kafaɗa, inda ba a sunkuyawa ba a miƙewa. Rukunin B na bi musu, rukunin C kuma na can ƙurya.

Sai dai gurabe na kusa kaɗan ne, kuma wasu kayan na cin wuri. A shekarar 1963 wani masani Ba'amurke, James Heskett, ya kawo ma'aunin da har yau ake aiki da shi: a raba girman wurin da kaya ke ci da yawan ziyarar da ake kai masa, wanda sakamakonsa ya fi ƙanƙanta shi ne zai fi kusa da ƙofa. A siton misalinmu, kunzugun jarirai na cin wuri mita 12 na faɗi da tsayi da zurfi, ana zuwa gurbinsa sau 60 a rana, sakamakonsa 0.2. Dunƙulen ɗanɗanon miya na cin mita 2, ana zuwa sau 100, sakamako 0.02. Ashana na cin mita 1, ana zuwa sau 20, sakamako 0.05. Don haka dunƙulen miya ne a gaba, ashana ta bi shi, kunzugu ya zo na uku duk da an fi nemansa a kan ashana sau uku. Dalilin a bayyane yake: wurin da kunzugu zai mamaye zai ɗauki kaya 12 masu girman ashana, waɗanda a haɗe za su ceci tafiya 240 maimakon 60.

Tambaya ta ƙarshe ta shafi kwanan wata. A manhajojin sito ana ganin zaɓi biyu, FIFO da FEFO. Na farko yana fitar da wanda ya riga shigowa, na biyu yana fitar da wanda wa'adinsa zai riga ƙarewa. Ga abinci da magani na biyun ne daidai, domin kayan da suka iso yau na iya zama tsofaffi a kan waɗanda suka iso makon jiya, idan sun daɗe a siton kamfani. Wannan doka ba ta aiki sai an rubuta lambar rukunin sarrafawa da ranar ƙarewar wa'adi tun a bakin ƙofa, kuma ba a cakuɗa wa'adi biyu a gurbin rara ɗaya ba. Inda ake jibge kaya a ƙasa a jikin bango, sabo na toshe tsoho, sai an zo kwashewa a tarar da kwalayen baya sun wuce lokacinsu.

Cike gurbin ɗiba

Raba sito zuwa wurin ɗiba da wurin rara yana haifar da wani sabon aiki, wato sauko da kaya daga sama kafin na ƙasa ya ƙare. Kowane gurbin ɗiba ana sa masa iyaka biyu, mafi ƙaranci da mafi yawa. A ce ana fitar da kwali 90 na madarar gwangwani a rana, falet na ɗaukar 60, gurbin kuma na ɗaukar falet 2. Idan a lokacin cunkoso kwali 25 kan fita cikin awa guda, kuma sauko da falet kan ɗauki kusan awa daga lokacin da aka nema, to mafi ƙarancin ya zama 30. Da zarar kwalayen sun sauka zuwa 30, a ba mai motar ɗaga kaya umarni.

Idan aka sa iyakar ƙasa da haka, mai ɗiba zai tarar da gurbi wayam alhali kayan na bisa kansa. Idan kuma wani ya yi odar kwali 60 a lokaci guda, ba a taɓa gurbin ƙasa. Ana sauko masa da cikakken falet daga sama kai tsaye, in ba haka ba oda ɗaya za ta share gurbin ta bar sauran masu ɗiba a tsaye.

Hanyoyin ɗibar kaya

Hanya mafi sauƙi ita ce oda ɗaya, mutum ɗaya, zagaye ɗaya. Kuskure kaɗan ne a cikinta, kuma idan an yi an san wanda ya yi. Ga abin da take ci a siton misalinmu kafin a gyara wuraren kaya. Oda mai kaya iri 8 da ke warwatse za ta shigar da mutum layuka kamar 6. Yana shiga ta wannan baki ya fita ta wancan, mita 180 ke nan, a ƙara mita 60 na ratsawa tsakanin layuka da dawowa ƙofa, jimla 240. Oda 300 sun zama kilomita 72 a rana. Idan mutum na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa yana tura kura, awa 20 ke nan na tafiya zalla, kafin a yi maganar nema da ɗauka.

Bayan an tattara rukunin A a layukan gaba, a ce oda na shiga layuka 4 da ratsawar mita 30. Zagayen ya dawo mita 150, jimlar rana kilomita 45. Ba a sayi komai ba, kaya kawai aka matsar.

Mataki na gaba shi ne haɗa oda da yawa a zagaye guda. Ma'aikaci ya ɗauki kura mai kwanduna 4, kowane kwando na mai saye ɗaya. Zagayen zai yi tsawo, a ce layuka 8 da mita 300, amma zagaye 75 za a yi a maimakon 300, jimla kilomita 22 da rabi. Farashin wannan riba shi ne haɗarin jefa kayan wani a kwandon wani, don haka kowane kwando na buƙatar lamba ko launi, kuma a sake dubawa kafin lodi. Hanyar ta dace da ƙananan oda. Odar da za ta cika kura ita kaɗai ba ta da abokin haɗi.

Idan ma'aikata suka yi yawa har suna karo a layukan gaba, sai a koma raba shiyya. Kowa ya tsaya a yankinsa, ya ɗebo abin da oda ke nema daga nan, sannan a haɗa a wurin lodi ko a miƙa kwandon daga shiyya zuwa shiyya. Matsalarta ita ce aiki ba ya rabuwa daidai, wani na gumi wani na zaune. Bartholdi da abokin aikinsa Donald Eisenstein sun fito da maganin wannan a shekarun 1990. Aka cire iyakokin shiyya, aka jera ma'aikata daga mafi jinkiri a farkon layi zuwa mafi sauri a ƙarshe. Idan na ƙarshe ya gama oda, sai ya koma baya ya karɓi ta hannun wanda ke bayansa, shi ma ya karɓi ta na bayansa, na farko kuma ya ɗauko sabuwa. Aikin yana daidaita kansa ba tare da mai lura ya raba ba. Sun ba da rahoton cewa a babban siton kamfanin magunguna na Revco, saurin ɗibar kaya ya ƙaru da kashi 34 cikin 100.

Ga mai rarraba kaya da motoci, akwai kuma batun lokacin sakin oda. Ba a zuba dukan oda 300 a hannun ma'aikata da asuba. Ana sakin su kashi-kashi bisa lokacin tashin kowace mota. Motar da za ta bi Wudil da Gaya ta ƙare a Dutse, ana fara haɗa kayan Dutse domin su ne za su shiga can ciki, na Wudil kuma su zo ƙarshe a bakin ƙofar mota. A cikin oda ɗaya ma, jerin ɗibar ya fara da masu nauyi irin su mai da gwangwanaye, biskit da taliya su hau sama. Wannan na nufin tun wajen rabon gurabe a sa masu nauyi a farkon hanyar.

Manyan kamfanoni sun kai ga kawar da tafiyar gaba ɗaya. A 2012 Amazon ya sayi kamfanin Kiva Systems a kan dala miliyan 775, saboda na'urorinsa da ke ɗauko kanta sukutum su kawo wa ma'aikaci inda yake tsaye. Irin wannan na buƙatar daɓe mai santsi, wutar da ba ta yankewa da jari mai nauyi. Dilanmu ya sauko daga kilomita 72 zuwa 22 da rabi da takardun manni, kura mai kwanduna da lissafin da ke cikin tsoffin takardun odarsa.

Yadda ake gane tsari ya fara lalacewa

Alamun suna fitowa da wuri ga mai lura. Falet ya kwana a tsakiyar layi. Mai ɗiba ya dawo ya ce babu, littafi kuma ya ce akwai. Tsofaffin ma'aikata sun daina duba takarda suna bin abin da suka haddace. 'Yan kiri sun fara dawo da kaya suna cewa ba girman da suka nema ba ne. Kowace daga cikin waɗannan tana nuna wani wuri takamaimai: ta farko cikar gurabe, ta biyu ajiyar da ba a rubuta ba ko jinkirin sauko da kaya, ta uku lambobin da suka daina dacewa da gaskiya, ta huɗu maƙwabtakar kaya masu kama.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ƙidayar yau da kullum a maimakon jiran ta ƙarshen shekara. Kowace safiya a zaɓi gurabe 50 ba tare da tsari ba. Rabinsu a tashi daga littafi a je kanta a ga ko kayan na nan, rabin kuma a tashi daga kanta a koma littafi a ga ko ya san da su. Hanya ta biyun ce ke tono kayan da aka dire ba a rubuta ba. Gurbi ana ƙirga shi daidai ne kawai idan irin kayan, adadinsa da wa'adinsa duk sun dace. Idan 5 cikin 50 suka saɓa, gurbi ɗaya cikin goma ke nan, kuma oda mai kaya iri 8 ta fi kusa da cin karo da aƙalla gurbi ɗaya mai kuskure fiye da ta tsira. A irin wannan hali sayen manhaja mai tsada ba zai gyara komai ba, domin bayanan da ba daidai ba za a zuba mata. Kowane saɓani ana bin sawunsa a ranar, a gano ko daga karɓa ne, ko ajiya, ko sauko da kaya, ko ɗiba.

Rabon rukunin A, B da C shi ma yana tsufa. Makonni kafin azumi, sukari, madara, man girki da kayan shayi suna hawa sama, bayan salla kuma su sauko. Lokacin komawa makaranta biskit da sabulu ke motsi. Ba a rushe siton duka saboda haka. Kowane wata ana fitar da jerin kaya 20 da ake yawan ziyarta amma suna nesa, da 20 da suka mamaye gaba amma sun yi sanyi, a musanya su. Lokacin da ya fi dacewa da musanyar shi ne sa'ad da gurbin gaba ya kusa ƙarewa, yadda kwalaye kaɗan za a ɗaga, kuma a canza lambar a littafi kafin a saki odar safiya mai zuwa.